Yadda ake rarraba takardar ciniki mai gaurayen haraji a fitar da jimillar kowane kaso

Takardar ciniki da ta fi wahalar da akawu ba doguwar ba ce. Wadda ta fi cin rai ita ce wadda shinkafa da sabulu da kunzugun jarirai suka zauna a shafi guda, sannan can ƙasa aka rubuta harajin VAT dunƙule ɗaya, ba a faɗi daga waɗanne kaya ya fito ba. Na daɗe ina riƙe wa wasu shaguna littattafansu tsakanin Sabon Gari da Samaru, kuma irin wannan takarda ce ke zuwa teburina kusan kullum. Aikin da zan nuna maka shi ne warware ta layi bayan layi, har ka samu jimilla uku: ta kayan da ke ɗaukar kashi 7.5 cikin ɗari, ta kayan da harajinsu sifili ne, da ta kayan da doka ta ɗauke wa harajin gaba ɗaya. Daga nan sai ka gwada lissafinka da na mai sayarwa.

Kayan aiki

Abu na farko ita ce takardar kanta, cikakkiya. Idan shafi biyu ce kada ka fara da ɗaya, domin rangwame da kuɗin mota a shafin ƙarshe suke ɓuya. Idan irin siririyar takardar nan ce da injin kanti ke fitarwa, ɗauke ta hoto ranar da ta zo. Zafin Zariya na watan Afrilu yakan share rubutunta, ka buɗe fayil bayan wata biyu ka tarar da farar takarda.

Sai kwamfuta mai Excel, ko manhajar lissafi irinta a waya. In babu ko ɗaya, babban littafi mai layi da rula da kalkuleta sun isa, kuma zan riƙa faɗin yadda ake yi da hannu a duk inda ya bambanta. Ka nemi biro kala biyu. Na ƙarshe, kuma shi ne mutane suka fi sakaci da shi, jerin kayan da doka ta ware, wato wanne ne mai sifili, wanne aka ɗauke wa. Ka buga shi ka liƙa a bango kusa da kai, kada ka dogara da abin da ka haddace.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka taɓa lissafi

Harajin VAT a Najeriya ya fara aiki a 1994 a kan kashi 5, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 daga 1 ga Fabrairun 2020. Wannan shi ne kaso na gama-gari, kuma duk kayan da doka ba ta ambace su a wani jeri na daban ba, a nan suke.

Sauran biyun su ne ke rikita sabon shiga, saboda a idon mai saye kamar abu ɗaya ne, ko sisi ba a ƙara masa ba. Bambancin yana wajen ɗan kasuwa. Kaya mai sifili yana cikin tsarin harajin, kason ne kawai aka mayar ba komai, don haka harajin da ɗan kasuwa ya biya wajen hidimar wannan kaya yana iya neman a cire masa. Kayan da aka ɗauke wa kuwa yana wajen tsarin, kuma harajin da aka kashe dominsa ba ya dawowa. Wanda ya zuba su a kwando ɗaya, ko dai ya cuci maigidansa, ko ya nemi abin da ba haƙƙinsa ba, ranar bincike a ce ya mayar.

Akwai kuma canjin da ya zo kwanan nan. An sanya hannu a sabuwar dokar haraji ta ƙasa a watan Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairun 2026. A tsohuwar doka abincin yau da kullum, da magunguna, da littattafan karatu, da takin zamani suna cikin waɗanda aka ɗauke wa. Sabuwar ta mayar da su masu sifili. Kayan jarirai kuwa suna nan a jerin waɗanda aka ɗauke wa. Ke nan buhun shinkafar da ke takardar Disambar 2025 da wanda ke takardar Janairun 2026 ba gida ɗaya za su shiga ba, ko da daga rumbu ɗaya suka fito.

Ni haruffa uku nake amfani da su: S ga mai kashi 7.5, Z ga mai sifili, E ga wanda aka ɗauke wa. Ba ni na ƙirƙiro su ba, su ne ake amfani da su a tsarin takardun ciniki na intanet a ƙasashe da dama, saboda haka in ka saba da su yanzu ba za ka sake koyo ba.

Takardar da za mu yi aiki da ita

Misali ne na haɗa, farashin ma na misali ne, amma fasalinta shi ne wanda nake gani. Wani dila a Sabon Gari ya kai wa wani kanti a Samaru kaya a watan Maris na 2026, lambar takarda SG-0417. Farashin da aka rubuta bai haɗa da haraji ba.

Shinkafa buhu 10, kowanne naira 62,000, ya kama 620,000.
Man gyaɗa jarka 4, kowacce 55,000, ya kama 220,000.
Sabulun wanki katan 6, kowanne 20,000, ya kama 120,000.
Lemon kwalba katan 20, kowanne 4,500, ya kama 90,000.
Kunzugun jarirai katan 5, kowanne 30,000, ya kama 150,000.

A ƙasa an rubuta jimillar kaya 1,200,000, rangwame 24,000, kuɗin mota 30,000, haraji 18,000, abin biya 1,224,000.

1. Karanta ƙasan takarda kafin samanta

Kafin ka kwafi ko layi ɗaya, duba abubuwa uku. Kwanan watan da ke kan takardar, ba ranar da ta iso hannunka ba, domin shi zai gaya maka jerin da za ka bi, tsoho ko sabo. Sai lambar haraji ta mai sayarwa. Sai babbar tambaya: farashin layukan ya haɗa da haraji ko bai haɗa ba?

Takardu da yawa ba sa faɗa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Tara layukan duka, cire rangwame, ƙara kuɗin mota. Idan abin da ka samu ya yi daidai da abin biya, to harajin yana cikin farashin, wanda aka rubuta a ƙasa sanarwa ce kawai. Idan sai ka ƙara harajin sannan ya kai abin biya, to farashin tsurarsa ne. A tamu, 1,200,000 a cire 24,000 a ƙara 30,000 ya ba da 1,206,000, kuma sai an ɗora 18,000 ake kaiwa 1,224,000. Farashin bai haɗa da haraji ba.

2. Kwafe layuka, kowane kaya da layinsa

Ka ja ginshiƙai goma sha ɗaya. A lambar takarda, B kwanan wata, C mai sayarwa, D sunan kaya, E yawa, F farashin ɗaya, G kuɗin layi, H harafin haraji, I kason rangwame, J abin da ya rage bayan rangwame, K haraji. Lambar takarda ka maimaita ta a kowane layi, ko da ta gundure ka. Da ita za a tara daga baya, kuma layin da ba shi da lamba maraya ne.

Kuɗin layi kada ka kwafe shi daga takarda, ka bar kwamfuta ta lissafa, sannan ka gwada da abin da aka rubuta:

```
=E2*F2
```

Ta haka ake kama yaron shagon da ya rubuta katan 6 amma ya yi lissafin 5. Kuɗin mota ka ba shi layinsa kamar kowane kaya. Rangwamen dunƙule kuwa kada ka sa shi a layi, ajiye shi gefe, za mu zo kansa.

Idan takardar ta zo a PDF kuma ka kwafo ka manna, ko ka yi amfani da manhajar da ke karanta hoto, akwai tarko. Sau da yawa lambobin sukan shigo a matsayin rubutu, da waƙafi da ɗan fili a bayansu, kuma Excel ba zai yi ƙorafi ba, tsallake su kawai zai yi wajen tarawa. Alamar farko ita ce lambar ta jingina hagu a gidanta maimakon dama. Don tabbatarwa:

```
=ISNUMBER(F2)
```

In ya ce FALSE, sake buga lambar da hannunka. Manhajar karanta hoto kuma takan ɗauki 1 a matsayin 7 a rubutun hannu, ta haɗiye ɗigon kwabo, ko ta raba kaya ɗaya mai dogon suna gida biyu. Shi ya sa ba na wucewa sai na ƙirga layukan takarda da yatsa, na ƙirga na allo, na kuma ga jimillar G ta kayan ta ba ni 1,200,000 cif.

3. Ba kowane layi harafinsa

Wannan shi ne wurin da kai ke aiki, ba kwamfuta ba. Shinkafa da man gyaɗa abincin yau da kullum ne, takardar kuma ta 2026 ce, sun samu Z. Sabulu da lemon kwalba ba sa cikin kowane jeri, sun samu S. Kunzugun jarirai E.

Lemon nan yana yaudarar mutane. Wani zai ce ai abin sha ne, cikin ciki yake tafiya, don me ba zai bi shinkafa ba? Doka ba ta ce duk abin da ake ci ko sha ba. Ta lissafa nau'o'in abinci ne na asali, irin su hatsi, garinsa, man girki, gishiri, nama, kifi, madara, kayan lambu. Abin da ba ka gan shi a jerin ba, S ne har sai ka sami hujjar da ta fitar da shi. Haka nake yi wa duk kayan da na yi shakka a kansa, in sa masa alama da jan biro, in tambayi akantan da ke sa hannu a kan bayanan wata.

Kuɗin mota ma sai an tsaya a kansa. Abin da doka ta ɗauke wa haraji shi ne jigilar fasinjoji ta haya a kan hanya, ba dakon kaya ba. Idan dila ya rubuta kuɗin kai kaya a layi na daban, hidima ce ya sayar, ni S nake ba ta. Da a ce ya narkar da shi cikin farashin buhu, da babu layin da za ka ba harafi.

Sai harafi na huɗu da nake ajiyewa, N. Akwai ƙananan 'yan kasuwa da doka ba ta ɗora wa karɓar wannan haraji ba saboda ƙanƙantar cinikinsu. Irin wannan zai sayar maka da sabulu babu haraji a takarda. Sabulun bai zama mai sifili ba, bai kuma zama wanda aka ɗauke wa ba, mai sayarwar ne kawai bai caja ba. In ka sa masa Z ka gurɓata jimillar Z, in ka sa masa S ka ƙirƙiri harajin da ba wanda ya biya. Ba shi N, harajinsa babu, ka wuce.

Wata shawara da ta cece ni sau da yawa: ka kulle ginshiƙin H ta hanyar Data Validation, ka zaɓi List, ka rubuta haruffan huɗu kaɗai. Harafi mai ɗan fili a bayansa ido ba ya ganin aibinsa, amma wajen tarawa ba za a ƙirga shi ba.

4. Raba rangwame

A nan yawancin takardu ke karkacewa. An yi wa mai kantin ragin 24,000 a kan kayan gaba ɗaya, ba a kan sabulu kaɗai ba, ba kuma a kan shinkafa kaɗai ba. Don haka kowane layi zai ɗauki rabonsa gwargwadon nauyinsa. Ka ninka rangwamen da kuɗin layin, ka raba da jimillar kayan:

```
=ROUND(24000*G2/1200000,2)
```

Shinkafa ta ɗauki 12,400, man gyaɗa 4,400, sabulu 2,400, lemo 1,800, kunzugu 3,000. Tara su, dole su dawo 24,000. Kuɗin mota bai shiga rabon ba, domin a takardar an cire rangwamen ne daga jimillar kaya kafin a ƙara shi, don haka gidansa na I sifili ne. Da hannu kuwa, fara da gano kason: 24,000 cikin 1,200,000 kashi 2 ne cikin ɗari, sai ka cire kashi 2 daga kowane layi.

Me ya sa ake wannan wahalar? Saboda inda ka ajiye rangwamen shi ke yanke yawan harajin. Ka jibge shi duka a kan kayan S, harajin ya ragu fiye da yadda ya kamata. Ka jibge shi a kan shinkafa, harajin bai ragu ko kwabo ba. Mai sayarwa da mai saye kowa na da wajen da zai so ya karkata, rabon gwargwado ne kaɗai ba ya goyon kowa. Amma fa idan takardar da kanta ta ce ragin na shinkafa ne, misali an rubuta ragin naira kaza a kowane buhu, to na shinkafa ne, kada ka raba. Abin da aka rubuta shi ake bi.

Ginshiƙin J kuwa G ne a cire I.

5. Tara kowane harafi, sannan ka lissafa haraji

```
=SUMIFS(J:J,A:A,"SG-0417",H:H,"S")
```

Ka maimaita da Z da E. Mai aiki da littafi sai ya ja gidaje uku a gefen dama, ya riƙa jefa kuɗin kowane layi a gidan harafinsa, ya tara kowane gida a ƙasa. Ga abin da ya fito.

S: sabulu 117,600, lemo 88,200, mota 30,000, jimilla 235,800.
Z: shinkafa 607,600, man gyaɗa 215,600, jimilla 823,200.
E: kunzugu 147,000.

Kafin ka ci gaba, haɗa ukun. 235,800 da 823,200 da 147,000 sun ba da 1,206,000, daidai da abin da muka samu a mataki na farko. In bai yi daidai ba, akwai layin da ba shi da harafi ko lambarsa rubutu ce, kuma girman giɓin yakan nuna maka layin da kansa.

Yanzu haraji: 235,800 sau 0.075 ya ba da 17,685. Ka lissafa shi a kan jimillar S, ba layi-layi ba. Ginshiƙin K na kowane layi yana da amfani don dubawa, amma idan farashi yana da kwabbai, gyaran da ake yi wa kowane layi zuwa kwabo mafi kusa yakan taru ya bambanta da na jimilla. Layi uku na naira 1,333 kowanne, in ka bi su ɗaya-ɗaya za ka samu 299.94, in ka haɗa su 299.93. Saɓanin kwabo ɗaya ko biyu irin wannan ba abin kiran waya ba ne, ɗauki na takarda.

6. Gwada da abin da dila ya rubuta

Mu mun samu 17,685, shi ya rubuta 18,000. Saɓanin 315 ne, kuma wannan ba kwabo ba ne. Sabon akawu a nan yakan koma ya sake lissafinsa sau biyar yana zargin kansa. Akwai hanya mafi gajarta, ita ce kuma dabarar da na fi so a duk aikin nan: ka raba harajin da aka rubuta da 0.075. Abin da ya fito shi ne kuɗin da dila ya ɗora wa haraji, sai ka nemi waɗanne layuka ne suke haɗuwa su ba da shi.

18,000 a raba da 0.075 ya ba da 240,000. Sabulu 120,000, lemo 90,000, mota 30,000. Ga shi nan. Dila ya ware kayan daidai, amma ya lissafa haraji kafin ya cire rangwame. Rabon kayan S a rangwamen 4,200 ne, kuma kashi 7.5 na 4,200 shi ne 315 ɗin da muke nema.

Kowane kuskure yana da sawunsa, kuma da wannan takardar za ka iya koyon karanta su. Da ya rubuta 90,450, rabawa za ta ba da 1,206,000, wato ya caji komai har da shinkafa. Wannan yakan faru inda aka saita injin kanti da kaso ɗaya ga duk kaya. Da ya rubuta 16,200, za ka samu 216,000, ma'ana ya cire rangwamen duka daga kayan S. Da 28,710 ne, za ka samu 382,800, wato 235,800 da 147,000, ya saka kunzugu cikin masu haraji. Da 15,435 ne, ya bar kuɗin mota a waje. Idan kuwa rabawar ta ba ka lambar da ba ta dace da kowane haɗi ba, gwada rabawa da 0.05. Na taɓa samun takardar da aka buga daga tsohon fom da ba a gyara kasonsa ba tun bayan 2020.

To in ka gano, me za ka rubuta? Wannan wuri ne da nake da tsauri. Kada ka gyara takardar wani da bironka, kada kuma ka share nasa ka sa naka a littafi kamar babu abin da ya faru. Ka ajiye gida biyu, harajin da aka rubuta da harajin da ka lissafa, da na uku na saɓani da dalilinsa a taƙaice. Sannan a nemi dila ya kawo gyararriyar takarda ko takardar ragi ta 315. Hujjarka a gaban jami'in haraji ita ce takardar da ke fayil, ba lissafin da ke kanka ba.

Yadda za ka faɗa ma yana da tasiri. Ni nakan ce, ranka ya daɗe, lissafin kaya daidai yake, sai dai yaron ya ɗora harajin kafin ya cire ragin da ka yi mana, naira 315 ce tsakani. Idan ka zo da lambar da dalilinta, ba a jayayya. Wata rana wani dattijo ya ce min, Malam, a kan ɗari uku ka hau mashin tun daga Samaru? Na ce masa Alhaji, ba ɗari ukun ba ce, injin naka haka yake yi wa kowace takarda. Ya sa aka duba, haka ne.

7. Idan farashin ya riga ya haɗa da haraji

Rasit ɗin manyan kantuna galibi haka yake zuwa. Matakan duka suna nan, abu ɗaya ne ya canza: jimillar S da ka tara tana ɗauke da harajin a cikinta, sai ka zare shi. Kuskuren da kusan kowa ke yi a karon farko shi ne ninka ta da 0.075. A ce sabulu ya kama 129,000 da harajinsa. Ninkawa za ta ba ka 9,675, kuma ba daidai ba ne, domin ka ɗora haraji a kan haraji. Raba 129,000 da 1.075, ka samu 120,000, shi ne kuɗin kaya, ragowar 9,000 shi ne haraji.

```
=ROUND(J4/1.075,2)
```

Mai kalkuleta yana iya ninkawa da 3 ya raba da 43, zai faɗa kan harajin kai tsaye, saboda 7.5 cikin 107.5 daidai yake da 3 cikin 43. Ka kiyaye kada ka ja wannan lissafi har kan layukan Z da E. Na ga wanda ya ja shi daga sama har ƙasa, ya zare wa shinkafa harajin da ba ta taɓa ɗauka ba.

Irin wannan rasit yakan sa ɗan harafi ko tauraro a gefen kowane kaya, da fassararsa can ƙasa. Yana taimakawa, amma harafin kantin ba lallai ya zama irin naka ba, kuma da yawa suna haɗa masu sifili da waɗanda aka ɗauke wa a alama ɗaya. Raba su ya rage naka.

8. Kayan da aka mayar, da haɗin ƙarshen wata

A ce bayan kwana uku kantin ya mayar da katan ɗaya na sabulu saboda ruwa ya taɓa shi. Kada ka koma ka rage 6 zuwa 5 a tsohon layi. Buɗe sabon layi da lambar takardar ragin, yawa ka sa -1, harafi S kamar na asali. Kuɗin da za a mayar ba 20,000 ba ne, 19,600 ne, domin katan ɗin ya riga ya ci rabonsa na rangwame, harajinsa kuma 1,470. Da buhun shinkafa aka mayar, jimillar Z ce kaɗai za ta ragu, haraji ba zai motsa ba. Takardar ragin da ta zo da dunƙulen kuɗi ba tare da sunan kaya ba, mayar da ita a rubuta, don ba ka da hanyar sanin gidan da za ta shiga.

A ƙarshen wata sai ka cire sharaɗin lambar takarda, ka sa na kwanan wata:

```
=SUMIFS(J:J,H:H,"Z",B:B,">="&DATE(2026,3,1),B:B,"<="&DATE(2026,3,31))
```

Wannan ba zai yi aiki ba sai kwanakin da ke B kwanan wata ne na gaske a idon Excel. Kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka takan karanta 04/03/2026 a matsayin 3 ga Afrilu, takardar Maris ta tsallaka wani watan ba ka sani ba. Gwada da rana irin 25 ga wata, in ta jingina hagu, gyara saitin kafin ka ci gaba.

Takardun saye da na sayarwa kada su zauna a shafi ɗaya. Tsarin ginshiƙan iri ɗaya ne, amma na sayarwa su ke ba da harajin da kanti ya karɓa, na saye kuma wanda ya biya, kuma jimillar E ta ɓangaren sayarwa ita akanta zai duba ya san nawa ne daga harajin hidimomin kanti ba za a nema ba. Ana miƙa bayanan wata ne zuwa ranar 21 ga watan da ke biye, don haka ni nakan rufe nawa kafin 10 ga wata, in bar kwana goma na bin dilolin da takardunsu ke da jan biro. Takardar SG-0417 za ta zauna a wannan jerin har gyararriyarta ta zo da S 235,800, Z 823,200, E 147,000, haraji 17,685, abin biya 1,223,685.